Yadda ake gane zubin rubutu: sanadi da sakamako, kwatanci, da matsala da mafita

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina koyar da Hausa a aji biyu na ƙaramar sakandare a nan cikin garin Sakkwato. Na rubuta wa ɗalibaina kalmomi irin su "saboda" da "amma" da "mafita" a allo, na ce da su ake gane ko rubutu na sanadi da sakamako ne, ko na kwatanci, ko na matsala da mafita. Sun haddace su sarai, amma da na ba su nassi a gwaji, fiye da rabin ajin suka faɗi. Ina ne kuskuren, kuma yaya ake gane zubin rubutu da gaske?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya saka miki da alheri bisa kulawar da kike yi wa waɗannan yara.

Kalmomin da kika rubuta a allo shaidu ne, kuma shaida tana da amfani, sai dai alƙali ba ya fara sauraron shaidu kafin ya san abin da ake ƙara a kansa. Abin da ake fara nema a cikin nassi shi ne tambayar da marubucin yake amsawa. Idan rubutu yana amsa "me ya jawo wannan, kuma me ya haifar?", to zubinsa na sanadi da sakamako ne. Idan yana amsa "ta ina waɗannan abubuwa biyu suka yi kama, ta ina kuma suka sha bamban?", kwatanci ne. Idan kuwa yana amsa "me ya lalace, kuma me za a yi a gyara?", wannan shi ne matsala da mafita. Sai bayan mai karatu ya yi zaton tambayar ne zai koma ga kalmomi ya ga ko sun gaskata zatonsa. Na shafe shekaru masu yawa ina duba ɗalibai masu koyon aikin malanta a lokacin gwajin koyarwa, kuma ni kaina na taɓa fara wannan darasi daga jerin kalmomi a wata makaranta, sakamakon da na samu bai fi naki ba.

Dalilin da ya sa jerin kalmomi yake yaudarar yara yana cikin Hausar kanta. Ki ɗauki kalmar "don". Idan aka ce "ya sayar da albasarsa don ta fara ruɓewa", ruɓewar ita ce sanadi, kuma ta riga sayarwar faruwa. Idan aka ce "ya shanya albasarsa don ta bushe", bushewar manufa ce, ba ta ma faru ba tukuna a lokacin da ya yi shanyar. Jimla ta farko tana zaune a cikin rubutun sanadi da sakamako, ta biyu kuma an fi samun irinta a sashen mafita, alhali kalma guda ce a tsakiyarsu. Haka "saboda" da "saboda haka" suke: ta farko tana gabatar da sanadi, ta biyu tana gabatar da sakamako, wato alƙiblarsu ta saɓa, kuma yaron da ya haddace su a layi ɗaya zai riƙa juya kibiya baya ba tare da ya lura ba. "Kamar" ma tana da fuska biyu, domin wani lokaci tana kamanta abu da wani, wani lokaci kuma misali kawai take kawowa, kamar a ce "kayan lambu kamar albasa da tattasai". Ita kuwa "amma" ba ta da gida ɗaya ko kaɗan, ana samun ta a labari, da wasiƙa, da muhawara, da kowane irin rubutu.

Akwai abin da ya fi wannan muhimmanci, shi ne Hausa takan ɓoye sanadi a cikin aikatau, ba sai ta nemi mahaɗi ba. "Ya sa", "ya jawo", "ya haddasa", "ya haifar da", duk suna ɗauke da sanadi. Haka kuma aikatau masu ƙarewa da "-ar da", irin su "ruɓar da", "busar da", "karyar da", "tayar da", kowannensu yana nufin wani abu ya sa wani abu ya faru. Wanda ya ce "danshi ya ruɓar da albasa" ya gama faɗin sanadi da sakamako cikin kalmomi biyar, babu "saboda" a ciki. Kwatanci shi ma yakan zauna a cikin aikatau "fi" da "kai" da "gaza", kamar a ce "rudu ya fi ɗaki iska" ko "albasar ɗaki ba ta kai ta rudu daɗewa ba", rudu kuwa shi ne ma'ajiyar kara da manoma ke zuba albasa a ciki. Ki kuma tuna cewa ɗalibanki Sakkwatawa ne, a gida suna cewa "shi ka sa" inda littafi zai ce "shi ke sa", suna cewa "awa" inda littafi zai ce "kamar". Sun iya waɗannan dangantaka tun kafin su shigo aji, suna amfani da su kullum a bakinsu, aikinki shi ne ki nuna musu su a kan takarda.

Bari mu ɗauki batu ɗaya da yaran suka sani, mu bi shi har ƙarshe. Na zaɓi ajiyar albasa, domin da wuya a sami aji a Sakkwato da babu yaron da ke da dangi masu noman rani a fadamun Kware ko Wurno ko Goronyo. Ga nassi na farko da na rubuta domin gwaji:

"Akwai manoman da kan ci gaba da ba albasa ruwa har ana jibi za a cire ta. Irin wannan albasa takan fito da nauyi, wuyanta ɗanye, cike da ruwa. Ɗanyen wuya kuwa ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Kafin damina ta yi nisa, sai a tarar albasar ta fara ruɓewa tun daga ciki, wadda ta ruɓe kuma ta ɓata na kusa da ita. Manomin da ya ajiye kayansa yana jiran tsada ya koma kwasar ragowar zuwa kasuwa a kan araha."

Ki duba da kyau, babu "saboda", babu "dalili", babu "sakamakon haka" a cikin wannan nassi, amma daga farkonsa har ƙarshensa sarƙar sanadi ce. Yaron da ke farautar kalmomi zai ga "har" da "kafin" da "sai", ya ce wannan jeranto ne, wato labarin abubuwa bi da bi, kuma yana da ɗan uzuri, domin sanadi kullum yana riga sakamakonsa zuwa, don haka kowane rubutun sanadi yana kama da jeranto a ido. Gwajin da ke raba su yana cikin wani ginin jimla da kowane Bahaushe ya iya, wato "da ba a yi kaza ba, da kaza bai faru ba". A sa yaro ya ɗauki jimloli biyu masu bin juna ya saka su a wannan gini, ya ji ko maganar ta zauna. Da ba a ci gaba da ban ruwa ba, da wuyan albasar bai fito ɗanye haka ba: ta zauna. Da wuyan bai kasance ɗanye ba, da cutar ba ta sami hanyar shiga cikin sauƙi ba: ta zauna. Da albasar ba ta ruɓe ba, da manomin bai karyar da ragowar ba: ita ma ta zauna. Idan mahaɗa uku ko huɗu a jere suka tsallake wannan gwaji, to ƙashin bayan nassin sanadi da sakamako ne, kuma ana iya zana shi a allo da akwatuna biyar da kibiyoyi huɗu: ban ruwa a makare, ɗanyen wuya, shigar cuta, ruɓewa, sayarwa da araha.

Yanzu ki gwada shi a kan wannan jimla: "Bayan an cire albasa a watan Maris, sai manyan motoci suka iso daga kudu, sai farashi ya faɗi." Da motocin ba su iso ba, da farashin bai faɗi ba? Maganar ba ta zauna ba, domin zuwan masu saye ba ya karyar da farashi, yawan albasar da ta cika kasuwa lokaci guda ne ke karyar da shi. Marubucin ya jera abubuwa uku da suka faru a kaka ɗaya, bai ce na biyu ne ya jawo na uku ba. Wannan "sai" ɗin ita ce ta fi kowace kalma ɓatar da yara, tun da a tatsuniya suka saba da ita, kuma a can kusan kowane "sai" ci gaban labari ne kawai.

Wannan bambanci yana da nauyi har a wajen aji, shi ya sa nake daɗewa a kansa. A watan Satumba na shekarar 2010 ambaliya ta ci garuruwa da gonaki a kwarin Rima, ta kuma yanke gadar da ke kan hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A lokacin an yi mamakon ruwan sama, an kuma saki ruwa daga madatsar Goronyo. Wanda ya rubuta cewa ambaliyar ta zo "bayan" sakin ruwan ya faɗi lokaci ne kawai. Wanda ya rubuta cewa ta zo "saboda" sakin ruwan ya ɗora alhaki a kan abu guda, kuma mai karatu yana da haƙƙin ya tambaye shi hujja, ya kuma tambaye shi matsayin ruwan saman da ya cika madatsar tun farko. Yaron da ya iya raba "bayan" da "saboda" a nassin albasa zai iya raba su gobe a labarin rediyo.

Sai mu zo inda na fi zaton yawancin ɗalibanki sun faɗi, wato tsakanin sanadi da sakamako a gefe guda, da matsala da mafita a ɗaya gefen. Nassin da ke sama yana maganar asara, kuma yara suna da saurin cewa duk inda aka ambaci abu marar daɗi, to matsala da mafita ne. Amma nassin bai kawo mafita ba, ya tsaya a kan bayanin yadda ɓarnar ta auku. Ga irin bayanan nan a wani zubi:

"Babban abin da ke damun mai ajiyar albasa shi ne ruɓewa kafin lokacin tsada, kuma yawancinta tana farawa ne daga ɗanyen wuya da rashin iska. Manomin da ke son kayansa su daɗe zai tsayar da ban ruwa kamar mako biyu kafin cira. Idan ya cire, ya bar ta ta sha iska har wuyan ya bushe ya tsuke, ya ware masu rauni ya sayar da su nan take. Sauran ya zuba su a rudu da aka ɗaga daga ƙasa, kada ya cika tsibi, ya riƙa dubawa yana tsince wadda ta fara lalacewa."

Abubuwa biyu ne suka canza. Na farko, an sami mai niyya, wato wani mutum da ke son wani abu kuma yake ɗaukar mataki domin ya same shi. A rubutun sanadi abubuwa suna faruwa ne ko ana so ko ba a so, ruwa ba ya da niyyar ruɓar da albasa. Na biyu, siffar aikatau ta sauya daga "takan fito" da "ta fara", masu ba da labarin abin da ke faruwa, zuwa "ya bar", "ya ware", "kada ya cika", "ya riƙa dubawa", masu umurni da shawara. A rubutun Hausa wannan sauyi ya fi kalmar "mafita" aminci nesa ba kusa ba, domin marubuta da yawa ba sa rubuta "mafita" ko "magani" ko sau ɗaya, amma da wuya su ba da shawara ba tare da "a yi", "a riƙa", "a daina", "ya kamata" ko "kada" ba. Idan matakin an riga an ɗauke shi, za a ga "suka yanke shawarar", "aka ɓullo da", "domin a shawo kan".

Akwai gwaji na biyu da nake so ki koya musu, domin yana nuna ko yaro ya fahimci nassin ko ya yi sa'a ne kawai. Mafita ta gaskiya tana komawa ta datse wani sanadi na matsalar. A sa yara su ja layi daga kowane mataki zuwa sanadin da yake toshewa. Tsayar da ban ruwa da shanya suna komawa ga ɗanyen wuya. Ɗaga rudu da rage tsibi suna komawa ga rashin iska. Tsince ruɓaɓɓu yana hana ɓarnar yaɗuwa. Daga nan yara za su gane da kansu cewa kusan kowane rubutun matsala da mafita yana ɗauke da ɗan sanadi a cikinsa, kuma ganin "saboda" a jimlar farko bai isa a yanke hukunci ba, sai an karanta an ga inda marubucin ya dosa. Idan kuma aka sami matakin da layinsa bai isa ko'ina ba, to ko dai marubucin ya tsallake wani sanadi bai faɗa ba, ko kuma shawararsa ba ta da alaƙa da matsalar, kuma gano hakan shi ma karatu ne mai kyau.

Kwatanci ya fi sauƙin ganewa, ba zan daɗe a kansa ba. Sharaɗinsa shi ne a sami abubuwa biyu ko fiye, a kuma auna su da ma'auni ɗaya. Idan aka ce rudun kara yana shan iska ta ƙasa da gefe amma yana buƙatar gyara a kai a kai, ɗakin kwano kuwa yana daɗewa amma yana tara zafi da gumi, an auna su ta fuskar iska da ta ƙarko. Ana gane shi idan aka iya zana jadawali mai ginshiƙi biyu kuma kowane layi ya cika ta ɓangarorin biyu. Ana kuma iya musanya wurinsu, a fara da ɗaki a ƙare da rudu, ma'ana ba ta lalace ba, alhali idan aka juya sarƙar sanadi aka ce ruɓewa ce ta jawo ban ruwa, magana ta rushe. Wurin da yara ke tuntuɓe shi ne idan marubuci ya gama bayanin abu na farko a sakin layi guda, sannan ya ɗauko na biyu a sakin layi na gaba. Yaron da ya karanta sakin layin farko kaɗai zai ce siffantawa ce, sai ya kai ga "shi kuwa ɗakin kwano" kafin ya gane cewa ma'auni aka ɗora. Wannan "kuwa" da ke bin suna a farkon jimla tana daga cikin alamomin kwatanci mafi ƙarfi a Hausa, kuma ban cika ganin an sa ta a jerin da ake ba yara ba. Zubin kuma ba baƙo ba ne a garin nan, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana da littafi mai suna Kitabul Farƙi, wanda cikakken sunansa na Larabci kaɗai ya sanar da mai karatu cewa tsarin mulki iri biyu za a bambanta.

Abin da ya rage shi ne mafi wuya, kuma shi ne abin da ke cikin littattafan gaske. Nassin da ya kai sakin layi huɗu ko biyar da wuya ya tsaya a kan zubi guda. A ɗauka an haɗa duk abin da muka gani a rubutu ɗaya: sakin layi na farko ya faɗi asarar da manoma ke yi, na biyu ya bi sarƙar ruɓewa, na uku ya auna rudu da ɗakin kwano, na huɗu ya ba da shawarar a tsayar da ban ruwa a kuma yi ajiya a rudu. Yaro ɗaya zai ce sanadi ne, wani ya ce kwatanci ne, na uku ya ce matsala da mafita ne, kuma kowannensu zai iya nuna miki jimlar da ya dogara da ita. Kada ki ce wa biyun farko sun yi kuskure, domin abin da suka gani yana nan. Tambayar da za ki yi musu ita ce, wane sashe ne yake yi wa wani hidima? Me ya sa marubucin ya kawo sarƙar ruɓewa? Domin mai karatu ya yarda cewa tsayar da ban ruwa zai yi amfani. Me ya sa ya auna rudu da ɗaki? Domin ya zaɓi wurin ajiyar da zai ba da shawara a kansa. To, me ya sa ya ba da shawarar? A nan tambaya ta ƙare, domin shawarar ba ta yi wa wani sashe hidima, ita ce abin da aka zo faɗa. Sashen da sauran suke ɗauke wa kaya shi ne babban zubi, sauran kuma ƙananan zubi ne a cikinsa.

Ana iya tabbatar da wannan ta hanyar cirewa. A rufe sakin layi na uku da hannu a karanta sauran, za a ga rubutun ya rage armashi amma yana tsaye. A rufe na huɗu, za a ga ya zama wani rubutu dabam, mai bayanin asara kawai. Ƙidayar kalmomi ba ta aiki a nan, domin mai yiwuwa "saboda" ta fito sau biyar a sakin layi na biyu, kalmar "mafita" kuma ba ta fito ko sau ɗaya ba. Tsawo ma ba hujja ba ne, sau da yawa mafita takan zo cikin jimla biyu a ƙarshen dogon bayani.

Wannan bambanci tsakanin babban zubi da ƙanana shi ne ginshiƙin binciken da wata masaniya Ba'amurkiya, Bonnie Meyer, ta fara wallafawa a shekarar 1975, inda ta kasa rubutun bayani zuwa zubi biyar: siffantawa, jeranto, sanadi, kwatanci, da matsala da mafita. A wani bincike da ita da abokan aikinta suka fitar a shekarar 1980 a kan ɗaliban aji tara a Amurka, sun gano cewa waɗanda suka bi zubin marubuci wajen rubuta abin da suka tuna sun fi riƙe bayanan nassin, su kuwa masu raunin karatu sukan zubo abin da suka tuna kamar jerin kaya, ba tare da alaƙa tsakaninsu ba. Wannan ya yi daidai da abin da na sha gani a takardun yaranmu. Da yawa daga cikinsu sun ƙware a riƙe jeri, tun daga farillan alwala bakwai da suka haddace a makarantar allo ko Islamiyya, kuma wannan baiwa ce, sai dai idan aka ba su nassin sanadi sukan mayar da shi jeri shi ma, su kawo abubuwa biyar daidai amma kibiyoyin sun zube a hanya.

Saboda haka ina ba ki shawarar ki sauya irin tambayar da kike yi a gwaji. Tambayar "wane irin zubi ne wannan?" tana auna suna ne kawai, kuma yaro zai iya cankar amsa ɗaya cikin uku ya dace. Ki ce musu su taƙaita nassin a jimla ɗaya, domin jimlar taƙaitawa tana tona zubin da yaro ya gani. Wanda ya rubuta "ban ruwa a makare yana barin wuyan albasa ɗanye, wannan ke sa ta ruɓe manomi ya yi asara" ya ga sarƙar. Wanda ya rubuta "nassin yana magana a kan albasa da ruwa da cuta da kasuwa" ya ga kayan amma bai ga igiyar da ta ɗaure su ba, kuma shi ne mai buƙatar ki zauna da shi ku yi gwajin "da ba a yi ba" jimla bayan jimla. Wannan horo zai yi musu amfani idan suka kai jarrabawar kammala sakandare, inda akan ce a kawo dalilai ko illoli ko hanyoyin gyara daga cikin nassi, kuma yara da yawa sukan kawo illa a inda aka nemi dalili.

Game da tsarin darasi, ni da zan shiga ajinki, zan ware mako guda ga sanadi da jeranto kaɗai, ba zan ambaci sauran ba. A mako na biyu zan kawo nassin mafita in ajiye shi kusa da na sanadi, a kan batu ɗaya, domin idan batun bai canza ba, yara suna ganin cewa zubin ne ya canza. Idan kika ba su sanadi a kan albasa, kwatanci a kan raƙumi da jaki, mafita a kan zazzaɓin cizon sauro, za su ɗauka batun ne ke yanke hukunci, har su riƙa cewa duk rubutun cuta matsala da mafita ne. Kwatanci ya zo a mako na uku, gaurayayyen nassi a na huɗu. Kowane nassi kada ya wuce jimla biyar ko shida da farko, kuma ki tabbata aƙalla rabinsu ba su da mahaɗan da ke allo, sannan ki saka ɗaya ko biyu masu ɗauke da "amma" ko "don" a inda ba su nuna zubin ba, domin yara su saba da tuhumar kalma kafin su yarda da ita.

Jerin kalmominki kuma kada ki goge shi, ki dai jinkirta shi. Bayan yara sun zana kibiyoyi ko jadawali sun amince da zubin, sai ki ce su koma cikin nassin su ja layi a ƙarƙashin duk abin da ya taimaka musu, ko mahaɗi ne, ko aikatau irin "ruɓar da", ko "kuwa", ko sauyin siffar aikatau zuwa umurni. Abin da suka tsinto shi za a rubuta a gefen allo, kowace kalma tare da jimlar da aka same ta a ciki, kuma idan "don" ta fito a ƙarƙashin sanadi ranar Litinin ta sake fitowa a ƙarƙashin mafita ranar Laraba, a bar ta a wuraren biyu, a sa yaran su faɗi abin da ya bambanta jimlolin.